Inna da Kana: Yadda Suke Sauya Wasalin Ƙarshen Kalma a Larabci

Duk wanda ya tashi a unguwar da ake kiran salla ya san kalmomin ladan tun kafin ya san baƙi da wasali. Amma ba kowa ne ya taɓa tsayawa ya lura da wani ɗan abu da ke cikin shahada ta biyu ba. Sunan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wanda kunnen Bahaushe ya saba jin sa *Muhammadu*, a nan *Muhammadan* yake zuwa, sai nunun ƙarshe ta narke cikin ra'un da ke biye, a ji *anna Muhammadar rasulullah*. Kalmar da ta biyo shi kuwa tana nan da rufu'arta: *rasulu*, ba *rasula* ba. Ɗaya ta sauya, ɗaya ta tsaya. Abin da ya jawo haka shi ne ƴar kalmar nan *anna* da ta gabace su, kuma wannan babi ne guda cikin nahawu wanda ake haddace ƙa'idarsa a zama ɗaya, amma a shekara ana tuntuɓe a kansa.

A Hausa, ƙarshen suna ba ya motsi saboda aikin da yake yi a jimla. Malam ya zo, na ga malam, na je wurin malam, duk malam ne. Larabcin littafi ba haka yake ba. Wasalin ƙarshen suna shi ke gaya maka matsayinsa, abin da malamai ke kira li'irabi. In suna ne ya yi aiki, ko shi ake ba da labari a kansa, sai ya ɗauki rufu'a, a ce masa marfu'i: *almu'allimu*. In a kansa aiki ya faɗa, sai ya ɗauki fataha, wato wasalin bisa, a ce masa mansubi: *almu'allima*. In kuwa harafi irin su *fi* ko *min* ya gabace shi, sai kisira, wasalin ƙasa: *almu'allimi*. Maganarmu ta yau tana tsakanin biyun farko ne.

Bari mu ɗauki jimla guda mu riƙe ta har ƙarshe. *Almu'allimu sabirun*, wato malami mai haƙuri ne. Babu fi'ili a cikinta ko ɗaya. Kashi biyu gare ta. Na farko, *almu'allimu*, shi ne wanda ake magana a kansa, sunansa mubtada'i. Na biyu, *sabirun*, shi ne abin da ake faɗa game da shi, sunansa habari. Dukansu biyu marfu'ai ne, kowa da rufu'arsa. Haka jimlar take muddin babu abin da ya shigo mata.

To, sai mu shigar da *inna*, wadda ke ƙarfafa magana kamar yadda mu ke cewa lalle ko haƙiƙa. Jimlar ta koma *innal mu'allima sabirun*. Malami ya sauka daga rufu'a zuwa fataha, haƙurinsa bai motsa ba. Yanzu mu cire ta mu sa *kana*, wadda ke mayar da labari zuwa lokacin da ya wuce, wadda almajirai ke fassarawa da ya kasance. Sai a sami *kanal mu'allimu sabiran*. Wannan karon malami ne ya tsaya da rufu'arsa, haƙurin ne ya ɗauki fataha. Ka ga ke nan jimla ɗaya suka shiga, amma kowace ta taɓa ɓangaren da ɗayar ta bari. Sunayen ma kan sauya: ba a ƙara cewa mubtada'i, sai a ce sunan *inna* da habarinta, ko sunan *kana* da habarinta. Malaman nahawu suna kiran irin waɗannan kalmomi nawasihu, masu shafewa, domin sun shafe hukuncin da jimlar take kai sun kafa nasu.

Kowace tana da ƴan'uwa masu aiki irin nata. Gidan *inna* shida ne: ita kanta, da *anna*, *lakinna*, *ka'anna*, *laita* da *la'alla*. Sibawaihi, malamin Basra na ƙarni na biyu bayan Hijira, biyar ya ƙirga, saboda ya ɗauki *inna* da *anna* abu guda. Gidan *kana* ya fi yawa, goma sha uku ne a yadda Ajurumiyya ta kawo su, cikinsu har da *asbaha*, *amsa*, *bata*, *sara*, *laisa*, *ma zala* da *ma dama*. Wannan ɗan littafi na Ibnu Ajurrum, wanda ya rasu a Fas a shekarar 723 ta Hijira, wato 1323, shi ne ƙofar da mafi yawan ɗaliban zaure a ƙasar Hausa ke bi su shiga nahawu, kafin su kai ga Alfiyyar Ibnu Malik, wanda ya rasu a Dimashƙa a 672, wato 1274. Ba sai mai karatu ya haddace jerin nan yau ba. Abin riƙewa shi ne gida biyu ne, kuma duk wanda ke cikin gida yana bin hukuncin uwar gidan.

Yanzu za a gane abin da ya sa ake gyara wa ladan idan ya ce *rasulallah*. Idan *rasula* ta ɗauki fataha, ta daina zama habari, ta koma bayani kawai da ke bin sunan. Ma'anar sai ta zama: na shaida cewa Muhammadu, Manzon Allah... sai maganar ta tsaya a rataye, mai saurare na jiran a gaya masa abin da ya same shi ko abin da ya yi. Rufu'ar nan guda ita ce ke cika shaidar, ta mayar da ita: Muhammadu Manzon Allah ne. Gaskiya ne tsofaffin malamai sun ruwaito cewa wasu Larabawa kan sa fataha a kan duka biyun, kuma da wannan ne ake neman wa mai kuskuren uzuri. Amma ba a kan wannan aka gina Larabcin da ake koyarwa ba, kuma a ganina bai kamata ladan ya jingina da shi ba alhali gyaran wasali ɗaya ne.

Me ya sa aikinsu ya juye haka? Malaman Basra sun ba da amsa mai ma'ana. *Kana* fi'ili ce, tana juyawa kamar kowane fi'ili: *kana, yakunu, kun*. Shi kuwa fi'ili, al'adarsa ya ɗora rufu'a a kan mai aiki, fataha a kan wanda aka yi wa aikin. Don haka *kanal mu'allimu sabiran* ta bi sawun *katabal mu'allimu kitaban*, malami ya rubuta littafi: rufu'a a gaba, fataha a baya. Bambancin kawai shi ne *kana* ba ta ƙoshi da marfu'inta. In ka ce *kanal mu'allimu* ka yi shiru, za a tambaye ka, ya kasance me? Shi ya sa ake ce mata naƙisa, tauyayya. Ita *inna* harafi ce, ba fi'ili ba, sai dai ta yi kama da fi'ili ta fuskoki da dama: baƙaƙenta uku ne kamar yawancin fi'ilai, ƙarshenta fataha ce kamar fi'ilin da ya wuce, kuma tana ɗauke da ma'anar aiki, wato na ƙarfafa, kamar yadda *laita* ke ɗauke da na yi buri, *ka'anna* kuma na kamanta. Saboda kamar, aka ba ta aikin fi'ili. Saboda ba fi'ilin ba ce ta gaske, aka ba ta aikin a juye, mansubi a gaba, marfu'i a baya. Malaman Kufa ba su yarda da duk wannan ba. A wurinsu *inna* sunanta kaɗai ta taɓa, habarin kuwa rufu'arsa ta da ce yake riƙe da ita. Al'anbari, wanda ya rasu a 577 ta Hijira, ya kawo wannan saɓani a littafinsa Al'insaf. Ga mai son ya karanta daidai, saɓanin ba ya sauya wasali ko ɗaya, duka ɓangarorin biyu *innal mu'allima sabirun* za su ce.

Akwai hujja mai kyau da kowa zai iya gwadawa da kansa, ta hanyar lamiri. A ce *huwa sabirun*, shi mai haƙuri ne. Da *inna* ta shigo, *huwa* ba ya iya zama, sai ya koma *innahu sabirun*. Wannan *hu* ɗin shi ne dai wanda ke cikin *ra'aituhu*, na gan shi, wato lamirin wanda aiki ya faɗa wa. Amma a ce *ana sabirun*, ni mai haƙuri ne, a shigar da *kana*, sai a sami *kuntu sabiran*, kuma wannan *tu* ɗin shi ne na *katabtu*, na rubuta, lamirin mai aiki. Harshen da kansa ya nuna wanne ne mansubi, wanne ne marfu'i, tun kafin malamai su sa musu suna.

Har zuwa nan hanya shimfiɗaɗɗiya ce. Gargadar farko tana zuwa ne lokacin da ɗalibi ya ɗauka cewa nasabu kullum fataha ce, rafa'u kuma kullum rufu'a. Ba haka ba ne. Idan malaman biyu ne, jimlarmu ita ce *almu'allimani sabirani*, kuma alamar rafa'u a nan alifi ne, alamar nasabu kuwa ya'u. Don haka *innal mu'allimaini sabirani*, amma *kanal mu'allimani sabiraini*. Idan suna da yawa, wawu da ya'u ne ke musanya: *innal mu'allimiina sabiruuna*, amma *kanal mu'allimuuna sabiriina*. Na ninka wasalin ne a nan don a ja shi. Fatahar da ake ji a kan nunun ƙarshe, wato *na*, ba ta da alaƙa da li'irabi, tana nan a kowane hali, kuma ta sha ruɗa masu koyo. Haka nan *abu*, uba, da ƴan'uwansa da ake kira sunaye biyar: *abuka sabirun* sai ta zama *inna abaka sabirun*, amma *kana abuka sabiran*.

Wanda ya fi kowanne kayar da mutane shi ne jam'in mata. Malamai mata masu haƙuri, *almu'allimaatu sabiraatun*. Wannan jam'i ba ya karɓar fataha ko kaɗan, kisira ce ke tsaya mata. Saboda haka daidai shi ne *innal mu'allimaati sabiraatun*, da *kanatil mu'allimaatu sabiraatin*. Ɗalibin da ya haddace cewa *inna* na kawo fataha zai ce *mu'allimaata*, yana ganin ya bi ƙa'ida, alhali babu wannan siga a Larabcin da ake karantawa. Shi ya sa malamin kirki ba ya cewa *inna* tana sa fataha. Cewa yake yi tana sa sunanta ya zama mansubi, sannan a tambaya mece ce alamar nasabu a irin wannan kalma.

Sai kuma babban ramin, wanda shi ne dalilin wannan rubutu. Yawancinmu mun koyi ƙa'idar ne da wuri, ba da matsayi ba. Mun riƙe cewa bayan *inna* na farko fataha, na biyu rufu'a, bayan *kana* kuma akasin haka. Wannan na aiki muddin mubtada'i ne a gaba. Amma Larabci na yawan gabatar da habari, musamman idan habarin wuri ne ko lokaci. Duba wannan: *fil masjidi imamun*, akwai liman a masallaci. Wa ake magana a kansa? Liman. Me ake faɗa game da shi? Yana cikin masallaci. Ashe mubtada'in shi ne na ƙarshe, habarin ne ya riga shi. Idan *inna* ta shigo, ba ruwanta da wanda ya fi kusa da ita, sunanta take nema ko ina ya zauna. Sai ta tsallake *fil masjidi* ta je ta same shi: *inna fil masjidi imaman*. Idan kuma *kana* ce, limamin shi ne sunanta, rufu'arsa na nan: *kana fil masjidi imamun*.

Ka lura da yadda abin ya juye wa kunne. Kunnen da ya saba jin *inna* ta ƙare da *un*, *kana* kuma ta ƙare da *an*, yanzu yana jin akasin haka, sai ya ga kamar an yi kuskure, ya gyara daidai zuwa ba daidai ba. Daga nan ne ake samun *inna fil masjidi imamun* da *kana fil masjidi imaman*, kuma duka biyun lahani ne. Ba Hausawa kaɗai ke faɗawa nan ba. Masu gyaran rubutu a ƙasashen Larabawa suna fama da wannan a jimlolin da ke ɗauke da *hunaka*, akwai, ko *ladaina*, muna da. Daidai shi ne *inna hunaka sababan*, lalle akwai dalili, da *kana hunaka sababun*, da *laisa ladaina waƙtun*, ba mu da lokaci. Dalilin da ya sa Balarabe ma ke kuskure a fili yake. Larabcin da ake magana da shi a gida da kasuwa, a Masar ko Sudan ko Chadi, ya daɗe da zubar da waɗannan wasula na ƙarshe, don haka shi ma a makaranta yake koyon su. Bahaushen da ya tashi a Sudan yana jin Larabci kamar ruwa zai iya samun kansa a aji ɗaya da almajirin Zariya a kan wannan babi.

Maganin abu ne mai sauƙi, kuma ina ganin ya fi kowace haddar jeri amfani. Ka cire *inna* ko *kana* ɗin gaba ɗaya, ka dubi jimlar tsirara, ka yi tambayoyin nan biyu da muka yi a sama: wa ake magana a kansa, me ake faɗa game da shi. Wanda ake magana a kansa shi ne sunanta, ko yana gaba ko yana baya. Sai ka mayar da ita, ka ba shi hukuncinsa. Kuma akwai abin da zai rage maka wahala: *inna* ba ta yarda habarinta ya riga sunanta sai in habarin irin *fil masjidi* ne ko *hunaka*. Ba a cewa *inna sabirun almu'allima*. Ita *kana*, da yake fi'ili ce mai ƙarfi, ta fi sakin jiki, har habarinta kan riga ta ita kanta: *sabiran kanal mu'allimu*. Fatahar ce ke gaya maka wanne ne habari duk inda ya koma.

Wani zai ce, ai jarida da yawancin littattafai ba su da wasali, to ina za a ga duk wannan? Ana gani. Fataha biyu, wato *an*, tana zuwa da alifi a rubuce a ƙarshen kalma, sai in kalmar ta ƙare da ta'u ɗaurarriya ko hamza bayan alifi. Saboda haka ko babu wasali ko ɗaya, *sabiran* tana da alifin da *sabirun* ba ta da shi, *imaman* ma haka. Wawu da ya'u na jam'i su ma baƙaƙe ne, ba sa ɓuya. Mai karanta takarda da ƙarfi kan iya tsere wa li'irabi ta hanyar tsayawa a kan kowace kalma ya ɗaure ƙarshenta, amma mai rubutu ba shi da wannan mafita, alifin nan zai tona shi. Ko a wurin tsayawar ma bambancin bai mutu ba, domin *sabirun* na komawa *sabir*, *sabiran* kuwa *sabiraa*.

Wani lokacin kuma ka nemi wasalin ka rasa, kuma babu laifi. A *kanal mu'allimu yaktubu*, malami ya kasance yana rubutu, habarin jimla ce guda, *yaktubu*, kuma ba a taɓa rufu'ar fi'ilin. Malamai sai su ce jimlar tana mazaunin nasabu, ma'ana da kalma ɗaya ce a wurin, da ta ɗauki fataha. Da wannan za a iya warware jimlar da ta haɗa su biyun: *innal mu'allimal jadida kana sabiran*, lalle sabon malamin ya kasance mai haƙuri. *Almu'allima* sunan *inna* ne, mansubi. *Aljadida* siffarsa ce, ta bi shi a fataha, kamar yadda siffa ke bin mai ita a kowane hali. Habarin *inna* kuwa shi ne jimlar *kana sabiran* dungurungum, tana mazaunin rafa'u. A cikinta, sunan *kana* lamiri ne ɓoyayye mai komawa ga malamin, *sabiran* kuma habarinta ne, mansubi. Fataha a farko, fataha a ƙarshe, amma kowace da mai ita. Wanda ya ce *sabirun* a nan don ya ga *inna* a farkon jimla ya manta cewa *kana* ta shiga tsakani, kuma habarin nan nata ne.

Saura wurare biyu da aikin ke tsayawa cak. Idan *ma* ta manne wa *inna* suka zama *innama*, mai ma'anar kawai ko ba komai ba ne sai, to ta hana ta aiki, shi ya sa ake ce mata *ma* mai kamewa. Jimlar sai ta koma yadda take tun asali: *innamal mu'allimu sabirun*, rufu'a da rufu'a. Haka take yi wa sauran ƴan gidan, ban da *laita*, wadda aka yarda a bar ta da aikinta ko a ɗauke mata. Haka nan *lakinna* idan aka sauƙaƙa ta, aka cire shaddar ta zama *lakin*, ba ta taɓa abin da ke bayanta. Don haka *lakinnal mu'allima sabirun*, amma *lakinil mu'allimu sabirun*.

Ita ma *kana* tana da halin da take cika da kanta, ba ta neman habari. Wannan na faruwa ne idan ma'anarta ta zama ya auku ko ya samu. *Kana matarun* na nufin an yi ruwa, magana ta ƙare, babu abin jira. A nan ana ce mata tamma, cikakkiya, kuma *matarun* ba sunanta ba ne, mai aiki ne kamar na kowane fi'ili. Hanyar gane ta ita ce ka ɗora *hasala* ko *waƙa'a* a gurbinta. In ma'anar ta zauna daidai, kamar *hasala matarun*, to cikakkiya ce, kada ka nemi mansubi. In kuwa ta ƙi zama, kamar yadda *hasalal mu'allimu* ba ta ba da ma'anar da ake nufi, to tauyayya ce, kuma habarinta na nan a wani wuri cikin jimlar, a gaba ko a baya, kalma ɗaya ko jimla guda.